Kaya Biyu a Kan Bim Ɗaya: Yadda Ake Lissafin Lotsawa Tun Kafin a Ɗora Nauyi

Gini yakan nuna alamun damuwa tun da sauran nisa kafin maganar rushewa ta taso. Abin da mai gida ke fara gani shi ne ƙofar da a da take rufuwa lafiya ta koma sai an sa mata kafaɗa, ko wata siririyar tsaga da ta bi filastar silin, ko tayil ɗin bene da ya fara ɗagowa a tsakiyar ɗaki. Idan aka kira injiniya ya duba, sau tari zai ce bim ɗin da ke ɗauke da wurin bai karye ba, bai ma kusa karyewa ba. Lotsawa ya yi, wato tsakiyarsa ta sauka da 'yan milimitoci fiye da abin da filasta da ƙofa za su iya jurewa.

Kowane bim yana lotsawa idan aka ɗora masa nauyi, na ƙarfe ne, na katako ne ko na kankare. Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa ba sa barin azarar giginya ta yi doguwar tafiya ba madogara idan za su rufa soro. Sukan fito da wasu azarun daga jikin bango su tare ta, don tazarar ta gajarta. Su da ido da gadon sana'a suke aunawa. Injiniyan yau kuwa ana so ya faɗi adadi a takarda, milimita nawa bim zai sauka, tun kafin a sayo ƙarfen.

Da a ce kaya ɗaya ne a kan bim, da aikin ya zo da sauƙi, domin littattafan injiniya suna da jadawalin amsoshi da aka riga aka fitar. Amma a ginin gaske da wuya a samu kaya ɗaya tak. Akwai dabe da kayan da aka jera a kansa, sannan ga tankin ruwa ko inji ko wani bim da ya zo ya zauna a wuri guda. Dabarar da ake bi ita ce a raba kayan, a lissafa kowanne shi kaɗai kamar ɗayan ba ya nan, sannan a tara amsoshin. Hanya ce mai sauƙi, amma tana da sharuɗɗa, kuma wanda bai kiyaye su ba zai fito da adadi mai kyan gani wanda ba gaskiya ba ne.

Me ya sa tarawa take yin daidai?

Tushen abin yana komawa ga Robert Hooke, masanin kimiyya ɗan Ingila, wanda a shekarar 1678 ya wallafa abin da ya gano game da sifirin: miƙewarsa tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban sikelin rataye na mai sayar da kifi ko nama ya ga wannan doka tana aiki. Kilo ɗaya ya ja allura zuwa wani wuri, kilo biyu ya ja ta ninki biyu, kuma idan aka ƙara kilo ɗaya a kan kilo uku, tafiyar da allurar za ta ƙara ita ce dai irin wadda ta yi a kilon farko. Sifirin ɗin bai damu da abin da ke rataye a jikinsa tun farko ba.

Bim ɗin ƙarfe haka yake, matuƙar ba a wuce da shi iyakarsa ba. Idan tan ɗaya ya saukar da shi milimita 6, tan biyu a wuri guda zai saukar da shi milimita 12. Kuma idan an riga an ɗora masa wani kaya daban, sabon kayan zai ƙara masa lotsawa daidai da wadda zai yi masa da yana fanko. Wannan halin ne ya ba da damar raba matsala gida biyu a warware kowanne daban.

An daɗe kafin a kai ga lissafin da ake amfani da shi yau. Galileo, a littafin da ya fitar a 1638, ya yi nazarin gungumen da aka kafa a bango aka rataya masa nauyi a baki, amma tambayarsa ita ce yaushe zai karye. Leonhard Euler, bisa shawarar Daniel Bernoulli, shi ne ya fitar da lissafin siffar da sanda ke ɗauka idan ta lanƙwasa, a shekarar 1744. Sai injiniyan Faransa Claude-Louis Navier ya tsara abin yadda masu gina gada da gidaje za su iya amfani da shi, a darussansa da aka buga a 1826. Daga wannan aiki ne jadawalin da ɗalibai ke haddacewa a jami'o'i da kwalejojin fasaha ya samo asali.

Abin da ke cikin jadawalin

Jadawalin jerin sanannun siffofi ne. Kowace siffa tana nuna yadda aka tallafi bim, da irin kayan da ke kansa, da amsar lotsawarsa. Biyu daga ciki sun fi kowanne yawan amfani, kuma dukansu na bim ne da ke zaune kawai a kan madogara biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ba tare da an ɗaure ƙarshensa ya kasa juyawa ba.

Ta farko ita ce kaya shimfiɗaɗɗe, wanda ya bazu daidai wa daida daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ta biyu ita ce kaya dunƙulalle, wanda ya taru a tsakiyar bim. Lotsawar tsakiya a kowanne ita ce:

```
δ₁ = 5wL⁴ / (384EI)
δ₂ = PL³ / (48EI)
```

Haruffan ba su da wuyar fahimta. L ita ce tazarar da ke tsakanin madogarai biyu. Ƙaramar w nauyin da ke kan kowace mita ɗaya ta bim ne, P kuwa nauyin dunƙulallen kayan ne gaba ɗaya. Ana auna nauyi a nan da kilonyuton, kuma kilonyuton ɗaya ya yi kusan nauyin kilo 100, wato buhun siminti biyu.

Sauran haruffa biyun, E da I, su ne ke hana bim lotsawa, shi ya sa suke ƙasan layi. E taurin abin da aka yi bim da shi ne. Na ƙarfen gini ya kai kimanin nyuton 210,000 a kan kowace murabba'in milimita, na katako kuwa yana wajen 10,000, ya danganta da irin itacen. Ke nan ƙarfe ya ninka katako tauri kusan sau ashirin. I kuma adadi ne da ke nuna yadda siffar bakin bim, wato abin da za a gani idan aka yanka shi, ke taimaka masa. Ga katako mai kusurwa huɗu, I ita ce bh³/12, inda b take faɗi, h kuma tsayi daga ƙasa zuwa sama. Da yake ana ninka tsayin da kansa har sau uku, shi ne ya fi tasiri. Katako mai milimita 50 da 150, idan aka tsayar da shi a kan gefensa, ya fi wanda aka kwantar tauri sau tara, alhali katakon ɗaya ne. Kafintoci sun san wannan a aikace, shi ya sa ba sa kwantar da katakon rufi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wani ɗan kasuwa ne zai yi bene na ajiya a cikin shagonsa. Faɗin shagon mita 5 ne, kuma za a gitta ƙarfen bim irin wanda ake kira IPE 200, mai siffar harafin I, mai tsayin milimita 200. Jadawalin masu ƙera shi ya nuna I ɗinsa 1943 cm⁴ ce, kuma kowace mita tana da nauyin kilo 22.4. Idan aka ninka E da I, aka mayar da su ma'aunin kilonyuton da mita, za a samu kimanin 4080. Wannan adadi shi ne taurin bim ɗin, kuma da shi za a yi aiki a lissafin duka biyu.

Kaya na farko buhunan kaya ne da za a jera a kan benen. An ƙiyasta cewa abin da zai faɗo wa wannan bim ɗin shi ne kilonyuton 4 a kowace mita, wato kamar buhu takwas masu kilo 50. A tsawon mita 5 sun zama buhu 40, tan biyu ke nan. Kaya na biyu tankin ruwa ne mai lita 1,000 da za a kafa a kan ƙaramar ƙafa a tsakiyar bim ɗin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka cikakken tankin ya kai kusan kilonyuton 10.

Mataki na farko, a manta da tankin kwata-kwata, a lissafa buhunan su kaɗai:

```
δ₁ = (5 × 4 × 5⁴) / (384 × 4080) = 0.0080 m
```

Milimita 8.0 ke nan. Mataki na biyu, a sauke buhunan a zuci, a bar tankin shi kaɗai:

```
δ₂ = (10 × 5³) / (48 × 4080) = 0.0064 m
```

Milimita 6.4. Mataki na uku, tunda amsoshin biyu duk na wuri ɗaya ne, wato tsakiyar bim, kuma duk ƙasa suke tura shi, sai a tara su: 8.0 da 6.4 sun ba da milimita 14.4.

To, 14.4 ta yi yawa ko ba ta yi ba? A nan ake duba ƙa'idar gini. Kundin ƙa'idojin ginin ƙarfe na Birtaniya mai lamba BS 5950, wanda ofisoshin zanen gini a Nijeriya suka daɗe suna aiki da shi, ya ba da shawarar cewa bim ɗin da ke ɗauke da filasta ko wani abu mai saurin tsagewa kada ya lotsa fiye da tazararsa raba 360 a ƙarƙashin kayan da ake ɗora masa. Milimita 5,000 raba 360 ta ba da 13.9. Buhunan su kaɗai sun tsallake wannan iyaka da sarari mai yawa. Tankin shi kaɗai ma ya tsallake. Amma da suka haɗu, sun wuce iyakar da rabin milimita. Wanda ya duba kowane kaya daban ya gamsu, bai tara ba, zai sa hannu a kan bim ɗin da bai cika sharaɗi ba.

Akwai abin lura a cikin adadin nan biyu. Buhunan tan biyu ne, tankin tan ɗaya, amma lotsawar da tankin ya jawo ta kusa kamo ta buhunan. Dalili shi ne wurin zama. Nauyin da aka baza a tsawon bim yana lotsa shi kashi biyar cikin takwas ne kawai na abin da wannan nauyin zai yi idan aka dunƙule shi a tsakiya, saboda wani ɓangare nasa yana kusa da madogara, inda ba ya iya yin tasiri sosai.

Nauyin bim ɗin kansa ma kaya ne, kuma hanyar tana karɓarsa a matsayin na uku. Kilo 22.4 a kowace mita zai ƙara kimanin milimita 0.4. Ba a sa shi cikin gwajin da ya gabata ba saboda wannan lotsawar ta riga ta faru tun ranar da aka ɗora bim, kafin a yi filasta, don haka ba ita ce za ta tsaga ta ba.

Kafin injiniya ya amince da tarawar, sai ya tabbatar ƙarfen bai fita daga yankin da dokar Hooke ke aiki ba. A wannan misali, matsin da ke kan ƙarfen a tsakiyar bim ya kai kimanin nyuton 129 a kan murabba'in milimita, alhali ƙarfen gini na yau da kullum ba ya fara lanƙwasa ta dindindin sai ya kai 235 ko 275, gwargwadon ajinsa. Ke nan bim ɗin yana da ƙarfin ɗaukar kayan. Abin da ya gaza a kai tauri ne, kuma ƙarfi da tauri gwaji biyu ne daban da ake yi wa kowane bim.

Idan aka matsar da tankin

A ce ɗan kasuwar ya yarda a janye tankin daga tsakiya, a kafa shi mita 1.25 daga bango. Lissafin buhunan bai canza ba, yana nan a milimita 8.0, kuma wannan shi ne babban alfanun hanyar: ɓangaren da aka taɓa kaɗai ake sake lissafawa. Jadawalin yana da wata siffa ta dunƙulallen kaya da ba a tsakiya yake ba. Idan a ita ce nisan kayan daga madogarar da ta fi kusa, lotsawar da zai jawo a tsakiyar bim ita ce:

```
δ₂ = Pa(3L² − 4a²) / (48EI)
```

Idan aka sa adadin, amsar ta fito milimita 4.4. Jimilla ta zama 12.4, ta koma ƙasa da iyakar 13.9. Ba a sayi komai ba, ba a yi walda ba, wuri kawai aka sauya wa tanki.

Sai dai a nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa. Jadawalin yana ba da amsoshi fiye da ɗaya ga wannan siffa. Akwai lotsawar da ke daidai ƙarƙashin tankin, wadda a misalinmu milimita 3.6 ce. Akwai ta tsakiyar bim, 4.4. Akwai kuma mafi zurfi duka, 4.5, wadda ke faruwa kimanin santimita 30 daga tsakiya, ta ɓangaren da tankin yake. Mutane da yawa suna zaton inda kaya yake nan ne bim ya fi sauka, amma adadin nan sun nuna ba haka ba ne. Ɗalibin da ya ɗauki 3.6 ta ƙarƙashin tanki ya tara da 8.0 ta tsakiya zai samu 11.6, adadin da babu wani wuri a jikin bim ɗin da yake wakilta, kuma ya yi ƙasa da gaskiya. Sharaɗin shi ne a zaɓi wuri ɗaya, a nemo lotsawar da kowane kaya ke jawowa a wannan wurin, sannan a tara.

Me ya sa ake zaɓar tsakiya? Saboda a bim mai madogara biyu, duk inda aka ajiye dunƙulallen kaya, wurin da ya fi sauka ba ya nisa da tsakiya fiye da kimanin kashi 8 cikin 100 na tazarar, kuma bambancin da ke tsakanin lotsawar tsakiya da mafi zurfi ba ya kai kashi 3 cikin 100. Don haka amsar tsakiya ta isa a yanke hukunci da ita a yawancin ayyuka.

Bim ɗin baranda, wanda ƙarshensa ɗaya ke kafe a gini ɗayan yana rataye a iska, yana da nasa tarkon. Idan kaya yana rabin tsawonsa, ana neman saukar bakinsa, bai isa a lissafa saukar da ke ƙarƙashin kayan ba. Daga wurin kayan zuwa baki bim ɗin miƙe yake, amma ya riga ya karkata ƙasa, kuma wannan karkatar tana ci gaba da saukar da shi har baki. Saukar da ke ƙarƙashin kayan PL³/24EI ce, karkatar kuma tana ƙara PL³/16EI, jimilla 5PL³/48EI. Ɓangaren da ake yawan mantawa da shi ya fi wanda ake tunawa girma.

Zaɓin da ke gaban mai aiki

Idan tankin dole ne ya zauna a tsakiya, fomulolin da kansu suna nuna inda magani yake. Bim na gaba a jerin, IPE 220, ya fi na farko tsayi da milimita 20 kacal, kuma nauyinsa kilo 26.2 ne a kowace mita, wato ƙarin kilo 19 a tsawon mita 5. Amma I ɗinsa 2772 cm⁴ ce. Da shi, milimita 14.4 ta koma kimanin 10.1.

Abin da ba zai yi magani ba shi ne sayen bim mai girma iri ɗaya amma na ƙarfe mai aji mafi tsada. Ajin ƙarfe yana ɗaga iyakar da zai kai kafin ya lanƙwasa ta dindindin, amma E ɗin ƙarafen gini kusan ɗaya ce a duk ajin. Bim ɗin zai lotsa milimita 14.4 ɗin nan dai, kuɗin ne kawai ya ƙaru.

Tazara kuwa ita ce ta fi komai hatsari. A ce an faɗaɗa shagon daga mita 5 zuwa 6, aka bar bim iri ɗaya da kaya iri ɗaya a kowace mita. Ƙarin kashi 20 cikin 100 ne kawai a tsawo, amma saboda ana ninka L da kanta sau huɗu a fomula ta farko, sau uku a ta biyu, lotsawar buhunan za ta koma 16.5, ta tankin 11.0, jimilla kusan milimita 27.6. Iyakar da aka yarda da ita kuwa ta ƙaru ne kawai zuwa 16.7. Shi ya sa cire ginshiƙi ɗaya don a samu fili a shago yake da illa fiye da yadda ido ke nunawa.

Haka nan idan ma'aikata suka kwantar da bim ɗin a kan gefensa maimakon su tsayar da shi, I ɗin IPE 200 ta wannan fuska 142 cm⁴ ce kacal, taurinsa ya ragu kusan sau goma sha huɗu. A wannan hali ƙarfen zai wuce iyakarsa tun kafin a gama ɗora kayan.

Inda tarawa take daina aiki

Duk lissafin da ya gabata ya dogara ne a kan zato ɗaya, cewa kayan farko bai sauya bim ɗin ta yadda kaya na biyu zai tarar da shi daban ba. Da zarar wannan zato ya rushe, tarawa ta rushe.

Hanya ta farko da yake rushewa ita ce ƙarfen ya wuce iyakarsa. Daga nan ƙaramin ƙarin nauyi yana jawo babbar lotsawa, kuma ba ta komawa idan an sauke kayan.

Ta biyu ta shafi kankare, wanda shi ne aka fi yin bim da shi a gidajenmu. Kankare ba ya jure ja, don haka idan nauyi ya kai wani mataki, ƙasan bim ɗin yana yin ƙananan tsagu, rodin da ke ciki ya karɓi aikin. Wannan abu ne da aka tsara da saninsa, amma yana rage I sosai. Kayan farko zai iya zama shi kaɗai bai tsaga bim ba, na biyu ma shi kaɗai bai tsaga ba, amma idan suka haɗu su tsaga shi. Wanda ya tara amsoshin da ya fitar da I ta bim marar tsaga zai samu adadi ƙasa da gaskiya. Bayan haka, kankare da katako duk suna ci gaba da lotsawa a hankali tsawon watanni da shekaru a ƙarƙashin kayan da ba a saukewa, abin da fomulolin nan ba su ƙunsa ba sai an yi musu gyara.

Ta uku ita ce idan lotsawar ce da kanta take jawo ƙarin kaya. Shimfiɗaɗɗen rufin da magudanarsa ta toshe da damina misali ne. Ruwa ya taru, rufin ya ɗan sauka, saukar ta buɗe wa ƙarin ruwa wurin zama, ƙarin ruwan ya ƙara saukar da shi. Irin wannan yana faruwa kuma ga bim ɗin da ake matsa shi ta ƙarshensa biyu a lokacin da yake ɗauke da kaya: da zarar ya lanƙwasa, matsin ƙarshen yana ƙara lanƙwasa shi.

Ta huɗu ita ce madogara ta sauya a tsakiyar aiki. Idan akwai siririn bangon raba ɗaki a ƙarƙashin bim da ɗan gibi a tsakaninsu, kayan farko zai iya rufe gibin. Daga nan bim ɗin ya koma mai madogara uku, siffar da aka ɗauko daga jadawali ba tasa ba ce kuma, sannan bangon da ba a gina don ɗaukar nauyi ba ya fara ɗauka, ya tsage.

Yadda ake gwadawa a wurin aiki

Ana iya gwada lissafin da kayan aiki masu arha. A kafa wata tsayayyar sanda a ƙasa daidai tsakiyar bim, wadda ba ta taɓa shi, a auna gibin da ke tsakaninsu da rula ta ƙarfe, ko da agogon awo mai allura idan akwai. A rubuta awon farko bim yana fanko. A jera buhunan a sake aunawa, sannan a cika tankin a sake aunawa. A misalin shagon, da tanki a tsakiya, ya kamata a ga kusan milimita 8 a karo na farko, ƙarin kusan 6 a karo na biyu. Sau da yawa awon gaske yakan fito ƙasa kaɗan da lissafi, saboda ƙarshen bim da aka binne a bango ko aka yi wa walda ba ya juyawa a sake kamar yadda jadawali ya ɗauka, kuma daben da ke kansa yana ƙara masa tauri.

Awo na ƙarshe shi ne ya fi faɗin gaskiya. A zubar da ruwan tankin, a sauke buhunan, a duba ko gibin ya koma yadda yake da farko. Idan ya koma, bim ɗin yana cikin yankin da tarawa ke aiki, kuma za a iya amincewa da lissafin wajen sanin abin da ƙarin kaya zai yi. Idan kuwa ya bar milimitoci da dama bai dawo da su ba, ko awon ya ci gaba da ƙaruwa alhali ba a ƙara kaya ba, ko ƙarin da tankin ya jawo ya zarce lissafi da nisa, to ko dai ƙarfen ya wuce iyakarsa, ko madogara tana nutsewa, ko wani haɗi yana zamewa. A irin wannan hali kada a mayar da kayan. A sa tokara a ƙarƙashin bim ɗin, a hana mutane zama a wurin, a kira injiniyan gini mai rajista ya duba bim ɗin da madogaransa kafin a sake ɗora ko buhu ɗaya.